Allurar geji tana kan kore, me ya sa aka ce in sake cika tukunyar kashe gobara?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ne mai kula da wani sito, muna da tukwanen kashe gobara guda biyar, huɗu na hoda masu kilo 6, ɗaya kuma na CO2 mai kilo 5 wanda ba shi da geji ko kaɗan. Mai duba mana ya ce biyu daga ciki sai an sake cikawa, alhali allurar na hodar duk tana kan kore. Ta yaya zan gane gaskiyarsa, kuma ta yaya ake sanin tukunya ta tashi daga aiki?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Zai iya yiwuwa mutumin nan gaskiya ya faɗa maka, zai kuma iya yiwuwa aiki yake nema. Abin da zai raba gardama shi ne sikeli, sai kuma kwanan watan da aka buga a jikin ƙarfen. Geji shi kaɗai ba ya isa shaida, kuma zan bayyana maka dalili.

A cikin tukunyar hoda abubuwa biyu ne. Akwai hodar kanta, wadda ita ce ke kashe wuta, akwai kuma iskar naitirojin da aka matsa a samanta domin ta turo ta waje idan an danna hannu. Matsin iskar nan yawanci yana tsakanin 12 zuwa 15 a ma'aunin matsi da ake kira bar, gwargwadon kamfanin da ya ƙera. To geji iskar nan kawai yake aunawa. Bai san ko hodar da ke ƙasa kilo 6 ce ko kilo 3 ba, bai san ko ta dunƙule ta zama kamar siminti ba, bai kuma san ko tiyon a toshe yake ba. Idan mai cikawa ya zuba rabin hoda ya matsa iska har allura ta hau kore, geji zai nuna maka kore ɗin nan sak kamar na cikakkiyar tukunya. Ranar da wuta ta tashi, maimakon ta yi maka feshi na daƙiƙa goma sha biyar ko kusa da haka, sai ta ƙare a rabin lokacin, ka tsaya riƙe da ƙarfe a gaban wuta.

Gejin ma kansa yana iya yin ƙarya. Ƙaramin abu ne mai sauƙin kuɗi, kuma hoda kan shige ramin da ke bayansa ta toshe, ko allurar ta maƙale saboda tsatsa ko bugu. Daga nan ko iskar ta tsiyaye gaba ɗaya, allura tana nan inda ta kwana. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗan ƙwanƙwasa gilashin da ɗan yatsa, ka ga ko allurar za ta yi ɗan rawa ta koma. Akwai kuma wata alama da mutane ba su cika lura da ita ba. Iska tana faɗaɗa da zafi, don haka geji mai rai yana motsi tsakanin sanyi da zafi. Tukunyar da ke nuna bar 15 a zafin digiri 20, idan ta kai digiri 45 za ta haura bar 16. Shi ya sa aka yi wurin kore da faɗi. Idan ka duba tukunya da sanyin asuba, ka sake dubawa da tsakar rana mai zafi, ka ga allura ba ta gusa ko gashi ɗaya ba, wata da watanni, to ka yi zargin ta mutu. Masu aikin suna da ɗan famfo na gwaji da suke sawa a wasu gejin su tura allurar su ga ko za ta dawo, a wasu kuma sai an cire gejin an ɗaura wani da aka tabbatar da shi.

Idan allura ta sauka ja na hagu, iska ta ragu, tukunyar ta fita daga aiki nan take. Idan ta haye ja na dama, ko dai an cika iska fiye da kima, ko tana zaune a wuri mai tsananin zafi. Ka kai ta inuwa ta huce na wasu sa'o'i ka sake dubawa. In ta dawo kore, wurin ajiyar ne ba shi da kyau. In ba ta dawo ba, a kai ta a gyara.

Yanzu ga ta CO2, wadda ita ce na fi so ka fahimta, domin a nan ake yawan cutar mutane kuma a nan mutane ke cutar kansu. Ba mantuwa aka yi ba da aka ƙi sa mata geji. Sinadarin da ke ciki a matse yake har ya zama ruwa, da ɗan tururinsa a sama. Muddin akwai sauran ruwan nan a ciki, matsin yana bin zafin wuri ne kawai, ba ya bin yawan abin da ya rage. A digiri 20 yana kusan bar 57, ko tukunyar cike take ko saura kaɗan. Da an sa geji da zai yi ta nuna lafiya har sai ruwan ya ƙare, sannan ya faɗi lokaci guda. Saboda haka hanya ɗaya tak ake sanin abin da ke cikinta, ita ce a ɗora ta a sikeli.

Bari in kawo maka wani aiki da na yi da hannuna, domin lissafin ya zauna maka. An kira ni wani ɗakin janareta inda akwai tukunyar CO2 mai kilo 5, irin taka. A kafaɗarta, kusa da wuya, an buga nauyinta idan babu komai a ciki, kilo 9.6. Idan ka haɗa da kilo 5 na sinadari, cikakkiya ya kamata ta yi kilo 14.6. Na cire tiyo da bakin feshin mai kama da mazurari, domin a wannan tukunyar nauyin da aka buga bai haɗa da su ba, na ɗora ta a sikeli, ta ba ni kilo 13.9. Ta yi asarar giram 700 ke nan.

Ƙa'idar da ake bi, a tsarin Amurka na NFPA 10 da kuma na Birtaniya na BS 5306-3, ita ce idan asarar ta wuce kashi 10 cikin ɗari sai a sake cikawa. Mai kula da wurin ya yi lissafinsa ya ce ai kashi 10 na 14.6 ya kusa kilo ɗaya da rabi, giram 700 bai kai ba, a bar ta. Kuskuren ke nan, kuma na sha ganin ma'aikata ma suna yinsa. Kashi 10 ɗin na abin da ke ciki ne, ba na ƙarfen ba. Ƙarfe ba ya tsiyaya. Kashi 10 na kilo 5 giram 500 ne, ita kuma ta rasa 700, wato kashi 14. Ta faɗi. Kuma ban tsaya ga cewa a cika ta ba, domin hatimin da ke riƙe da fil ɗin da ke kulle hannunta na nan ba a taɓa ba, wanda ke nufin ba wanda ya fesa, yoyo take yi. Da muka shafa ruwan sabulu a kan bawul sai ga ƙananan kumfa suna fitowa a hankali daga gefensa. Da an cika ta haka nan aka mayar, kafin shekara ta zagayo ta sake komawa gidan jiya. Sai da aka canja zoben roba da abin da ke rufe bawul ɗin sannan aka cika.

Abu biyu game da awon. Na farko, ka tabbatar ko nauyin da aka rubuta ya haɗa da tiyo da baki ko bai haɗa ba, domin waɗannan biyun a tukunya mai kilo 5 suna da nauyin da zai iya ɓoye maka asarar gaba ɗaya. Yadda aka auna ta bara, haka za a auna ta bana. Na biyu, sikelin da mutum ke hawa ya auna kansa ba zai yi ba. A ƙaramar tukunya mai kilo 2, duk abin da aka yarda ta rasa giram 200 ne, irin wancan sikelin kuwa yana iya kuskure da ya fi haka. Nemi mai lamba da ke nuna giram 10 ko 20, na ɗorawa ko na ratayewa.

Na hodar ma a auna su. Cikakkiyar mai kilo 6 takan kai wajen kilo 9 zuwa 10, kuma ainihin nauyinta yana rubuce a takardar jikinta ko a katin duba na farko. Hoda ba ta guduwa da kanta, don haka idan ka sami tukunya ta yi sauƙi sosai alhali geji na kan kore, ko an yi amfani da ita aka matsa iska kawai aka mayar, ko tun farko ba a cika ta daidai ba. Duk ranar da aka dawo maka da tukunya daga wurin cikawa, auna ta a gaban wanda ya kawo, ka rubuta nauyin da kwanan wata a katinta. Wannan ɗabi'ar kaɗai tana gyara halin masu cikawa da yawa.

Akwai wani nau'in na hoda da za ka iya cin karo da shi wanda shi ma ba shi da geji, domin babu matsi a cikin babbar tukunyar sai an danna. Iskar tana cikin wani ɗan ƙaramin silinda a ciki ko a gefe. Shi wannan ƙaramin ake cirewa a auna, da ƙa'idar kashi 10 ɗin nan. Aikin ma'aikaci ne, ba naka ba.

Ka kuma tambayi yaran sitonka, a hankali ba da faɗa ba, ko wani ya taɓa danna ɗaya don ya gwada. Wannan shi ne abin da ya fi kashe tukwanen hoda. Mutum ya ɗan fesa na daƙiƙa ɗaya, ya ga allura ba ta bar kore ba, ya mayar da fil ya rataye. Amma ƙwayoyin hoda sun riga sun zauna a bakin bawul, ba zai sake rufewa ruf ba, iskar za ta silale cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki. Duk tukunyar da aka danna, komai ƙanƙantar feshin, sai an sake cikawa. Alamar ita ce ɗan hatimin roba da ke riƙe da fil ya tsinke ko ya ɓace, ko ka ga burbushin hoda a bakin tiyo. Ka sa yatsa ka duba.

Tunda muna kan tiyo, cire shi ka hura, ko ka ɗaga shi ga haske. Zanzaro yana son gina ɗakinsa na laka a ciki, gizo-gizo ma haka. Na taɓa samun tukunya mai cikakken nauyi, geji lafiya, kwanan wata lafiya, amma tiyon toshe da laka tun daga baki. Ka lanƙwasa shi kuma ka ga ko robar ta fara tsagewa.

Maganar dunƙulewar hoda ana yawan wuce gona da iri a kanta. Hoda mai kyau a busasshiyar tukunya tana iya kwanciya ta danne, musamman a mota ko kusa da inji mai girgiza, amma wannan ba lalacewa ba ce. Idan ka kifa tukunyar a hankali ka kara kunne, za ka ji ta tana zubowa kamar yashi. Matsalar ita ce idan danshi ya shiga, ta haɗe ta zama dutse. Nan ba za ka ji komai ba, ko ka ji abu ya faɗo gaba ɗaya kamar curi. Kada ka ɗauki guduma ka yi ta dukan tukunya don ta warware, abu ne mai matsi a ciki. A kai ta a buɗe.

Sai batun wa'adi. Mutane suna neman rana guda da aka rubuta cewa tukunya ta ƙare, kamar kwalbar magani, kuma yawanci ba haka abin yake ba. Ranakun da ke jikinta iri uku ne, kowace da abin da take nufi. Ta farko ita ce shekarar ƙira, wadda aka buga a ƙarfen kansa, a kafaɗa ko a gindi, ko aka rubuta a takardar kamfani. Daga ita ake fara ƙirga komai. Ta biyu ita ce ta katin da mai duba ya manna, wadda ke nuna ranar da aka duba da ranar da za a sake, shekara guda a tsakani. Wannan ita mutane ke ɗauka ranar ƙarewa, alhali ranar sake dubawa ce. Wucewarta ba ta nufin hoda ta lalace, kuma zuwanta ba ya wajabta a zubar da hoda a sake sabuwa kowace shekara. Idan a duban shekara nauyi ya cika, matsi daidai, jiki lafiya, tiyo a buɗe, kuma lokacin babban gyara bai yi ba, sabon kati kawai take bukata. Mai duba da ke cewa kowace tukunya sai an cika ta duk shekara, ka tambaye shi wace ƙa'ida ce ta ce haka.

Ta uku ita ce ta babban gyara da gwajin ƙarfe, kuma a nan tsare-tsaren ƙasashe sun bambanta. A NFPA 10, tukunyar hoda mai matsi a ciki ana juye ta a buɗe a duba cikinta duk shekara 6, a yi mata gwajin matsin ruwa duk shekara 12, ta CO2 kuma gwajinta duk shekara 5 ne. A BS 5306-3, ta ruwa da ta kumfa da ta hoda ana yi musu babban gyara duk shekara 5, ta CO2 kuma duk shekara 10. Wanda za ka bi shi ne wanda hukumar kashe gobara ta inda kake da kamfanin inshorarka suka amince da shi, tare da abin da maƙerin ya rubuta. Ka tambayi mai dubanka wanne yake bi, amsarsa za ta nuna maka iya saninsa. Gwajin matsin ruwa kuwa shi ne a cika tukunya da ruwa a matsa shi fiye da matsin da take aiki da shi, a ga ko za ta kumbura ko ta yi yoyo. Ruwa ake sawa domin idan ta fashe ba zai tarwatse kamar iska ba. Wadda ta ci jarabawa, in ta CO2 ce, ana buga mata sabon kwanan wata a kafaɗa. Akwai kuma ƙananan tukwane da aka rubuta a jikinsu cewa ba a sake cika su. Su NFPA 10 ta ce a cire su daga aiki idan sun cika shekara 12 da ƙira, ko da ba a taɓa su ba.

Wasu tukwanen ba sa jiran kowane kwanan wata. Ɗaga kowace ka duba gindinta, domin nan tsatsa ke farawa, musamman wadda aka ajiye a ƙasa inda ake wanke daɓe. Shi ya sa ake rataye su, aƙalla santimita 10 daga ƙasa. Tsatsar da ta ci rami a ƙarfe, lotsawa mai zurfi musamman kusa da layin walda, alamar ta taɓa shiga wuta, zaren wuya da ya lalace, ko wani ya taɓa yi mata walda ko faci, duk waɗannan hukuncinsu ɗaya, a sauke matsinta a jefar. Ba a cika irinsu. Kuma ka yi hattara da tsohuwar tukunya da ta dawo da sabon fenti mai ƙyalli har gindi, fenti yana rufe abubuwa da yawa.

Idan ta tabbata sai an cika, ga abin da aikin kirki ya ƙunsa, don ka san abin da kake biya. Ana fara sauke matsin gaba ɗaya kafin a kwance kai. Wanda ya kwance bawul da sauran matsi a ciki, kan zai iya tashi kamar harsashi, kuma an sha jin raunuka ta wannan hanya, shi ya sa ban yarda kowa ya gwada wannan a gida ba. A juye hodar, a haska cikin tukunyar da fitila a nemi tsatsa, a wanke bawul da bututun da ke sauka ciki, a canja zoben roba. Sannan a zuba hoda a kan sikeli har nauyin da aka rubuta, kuma irin wadda tukunyar ta zo da ita. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Hodar ABC da hodar BC sinadaransu daban ne, idan suka gauraya, musamman da ɗan danshi, suna cin juna su fitar da iska, hodar ta dunƙule, matsi ya hau. Bayan haka a matsa busasshiyar naitirojin ta hanyar na'urar daidaita matsi. Iskar kwamfireso irin ta tayar mota tana ɗauke da danshi, ita ce ke mayar da hoda dutse bayan wasu watanni. Iskar oksijin kuwa haɗari ce tsagwaronta, ba a kusantar da ita. A ƙarshe a gwada yoyo, a sa sabon hatimi, a rubuta nauyi.

A tsarin NFPA akwai wata dabara da nake so, wani zobe na roba marar tsaga da ake sawa a wuyan tukunya, ɗauke da wata da shekarar aikin. Ba ya shiga sai an cire bawul, don haka ganinsa shaida ce cewa an buɗe ta da gaske. Inda ba a amfani da shi, za ka iya ɗiga ɗan fenti a mahaɗar bawul da wuya kafin ka bayar. In ta dawo ɗigon bai tsage ba, ba a kwance ta ba, kati kawai aka sauya. Kada kuma ka yarda a kwashe duka biyar lokaci guda a bar sito babu komai. Ko su bar maka na aro, ko su ɗauka kashi-kashi.

Don haka idan mutumin nan ya dawo, ka ce ya nuna maka biyun da yake nufi, ya faɗi laifin kowace da sunansa. In ta CO2 ce, ya ɗora ta a sikeli a gabanka, ku karanta lambar kafaɗarta tare, ku ga ko asarar ta haura giram 500. In ta hoda ce, ya nuna maka ko nauyi ne ya gaza, ko hatimi ya tsinke, ko geji ya maƙale, ko shekarun buɗewa ne suka cika daga ranar ƙira. Kai kuma tsakanin zuwansa da zuwansa, sau ɗaya a wata ka zagaya su biyar ɗin: tana wurinta, ba a jibga kaya a gabanta ba, fil da hatimi suna nan, allura na kan kore kuma tana motsi, tiyo a buɗe, gindi ba tsatsa. Ta CO2 ɗin, tunda ba ta da allurar da za ta yi maka magana, ni da sikeli a kusa nakan auna ta duk wata shida ban jira shekara ba, in rubuta lambar a katin a ƙarƙashin ta baya.